Yadda nake tuntuɓar wanda bai amsa mini imel ba

Aikina ya haɗa da tattara rahoton shekara na wata ƙungiya, kuma babu babin da ke tafiya wajen masu ɗab'i sai shugaban sashen da abin ya shafa ya duba shi ya amince. Saboda haka nakan tura imel ga mutanen da suka girme ni a shekaru da muƙami, sau da yawa kuma in ji shiru. Hausawa kan ce shiru ma magana ce, amma a harkar imel na ga cewa yawanci shirun ba ya nufin komai illa saƙon ya nutse a ƙarƙashin wasu, ko kuma an buɗe shi a waya ana cikin taro, aka ce sai an zauna, aka manta. Wanda ya ɗauki shirun a matsayin wulaƙanci, ɓacin ransa zai fito a saƙo na biyu ko da ya yi ƙoƙarin ɓoye shi.

Kafin in rubuta komai, nakan tabbatar saƙon farko ya fita. Nakan duba Sent in sake karanta adireshin harafi bayan harafi, sannan in leƙa Spam ɗina ko amsar ta faɗa can, ko kuma akwai sanarwar da Gmail ke aikowa da sunan Mail Delivery Subsystem idan saƙo bai isa ba. Idan sanarwar na ɗauke da lamba 550, galibi adireshin ne babu shi ko kuma an ƙi karɓar saƙon, don haka ba ruwan mutumin. Wani lokaci kuma matsalar ta wucin gadi ce, na'urar da ke aika saƙon takan yi ta sake gwadawa har na wasu kwanaki kafin ta haƙura. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nake barin kwanakin aiki uku zuwa biyar su wuce, sai fa idan wa'adin aikin ya fi haka kusa.

Misalin da ya fi koya mini abu shi ne na wata Hajiya, shugabar sashen kuɗi. Na tura mata babinta mai shafuka da yawa, tare da batutuwa uku: ta duba rubutun, ta zaɓi hotuna, ta kuma tabbatar da wani jimillar kuɗi a shafi na 7 wanda ya saɓa wa na teburin da ke shafi na 12. Mako ya zagayo ban ji daga gare ta ba, ga shi masu ɗab'i suna jiran rahoton ranar Juma'a. Da na zauna na yi tunani, sai na ga cewa cikin ukun nan abu ɗaya ne kawai ba zan iya yi ba sai da ita, wato jimillar kuɗin. Hotuna zan iya zaɓa, rubutu kuma an riga an tace shi. Sai na gina saƙo na biyu a kan wannan tambaya ɗaya tak, ta yadda za ta iya amsawa da kalma biyu tana tsaye a bakin ƙofar ofis. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ina sake kawo batun babin sashen kuɗi ne, domin rahoton zai tafi wajen masu ɗab'i ranar Juma'a da safe. Abu ɗaya kawai nake buƙata daga gare ku: jimillar shafi na 7 ce daidai, ko ta shafi na 12? Na sake haɗo babin a nan, na kuma yi wa wuraren biyu alama. Hotunan zan zaɓa da kaina idan ba ku da wani zaɓi. Idan akwai wanda kuka fi so in tambaya a sashenku, ku ba ni sunansa. Na gode ƙwarai."

Da yammacin ranar ta amsa da layi guda, ta ce ta shafi na 12 ce.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan saƙo shi ne abin da babu a cikinsa. Babu jimla ko ɗaya da ta ambaci abin da ita ba ta yi ba. Kalamai irin su "har yanzu ban ji daga gare ku ba", ko "kamar yadda na faɗa a saƙona na baya", ko "ban sani ba ko kun ga saƙona", duk gaskiya ne, amma kowannensu yana tilasta wa mai karatu ya fara da kare kansa ko ba da haƙuri kafin ya zo kan batun. Mutum kuwa idan ya san amsarsa sai ta fara da neman afuwa, yakan ƙara ɗage ta, domin babu mai son rubuta irin wannan saƙo. Shi ya sa nake sa jimlolina su yi magana a kan aikin da kuma abin da ni zan yi: rahoto zai tafi, na haɗo babi, zan zaɓi hotuna. Haka kuma ba na cika saƙon da ban haƙuri na cewa na dame su, domin yawan ban haƙuri yana tsawaita saƙo, yana kuma binne tambayar a tsakiya.

Wa'adi ma yana da yadda ake faɗarsa. "Cikin gaggawa" ba ya gaya wa kowa komai sai cewa na ƙosa, amma "ranar Juma'a da safe, domin masu ɗab'i" yana nuna cewa matsin daga aikin ya fito, ni ma yana kaina. Sharaɗinsa ɗaya ne, wa'adin ya zama na gaskiya, domin ranar da aka gane ka ƙirƙiro shi ba za a sake ɗaukar wa'adinka da muhimmanci ba.

Ta fuskar na'ura, nakan danna Reply a kan saƙona na farko maimakon buɗe sabo, domin tsohon ya bayyana a ƙasa, taken saƙon kuma ya zauna yadda yake da Re: a gabansa. A lura cewa Reply ba ya ɗauko fayil ɗin da aka haɗa da farko, shi ya sa na sake haɗa babin da hannuna don kada ta sha wahalar nema. Ba na kunna neman shaidar an karanta saƙo, kuma ba na saka shugaban mutum a Cc a tuntuɓa ta biyu, domin duk laushin kalaman da ke ciki, ganin sunan nan kaɗai ƙara ce aka kai.

Idan saƙo na biyu ma ya gamu da shiru, nakan sauya hanya, in kira a waya ko in bi ta hannun sakatare, domin mai yiwuwa akwatin ne mutumin ba ya dubawa. Inda kuma batun yake cikin hurumina, nakan rubuta saƙo na ƙarshe in faɗi matakin da zan ɗauka da ranar da zan ɗauke shi, in ƙara da cewa ƙofar gyara a buɗe take har zuwa lokacin. Amma ba na yin haka a kan alƙaluman kuɗi ko wani abu da ke buƙatar sa hannun mai shi, domin a irin wannan wuri gara babin ya jira har a same shi.