Kafin ka sauya maɗaurin agogonka, auna kunnuwa ka duba fil

Ƙannena, mafi yawan agogon hannu da ke faɗuwa ƙasa bayan an sauya masa maɗauri, ba fatar ce ta tsinke ba. Fil ɗin da ke riƙe da ita ne ya fita daga raminsa. Na yi asarar gilashin agogo ta wannan hanya tun ina sabon shiga, shi ya sa nake so ku fara da awo kafin ku kai ga zaɓen launi.

Yawanci agogon hannu yana da kunnuwa huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma a tsakaninsu maɗauri yake shiga. Tazarar da ke tsakanin kunnuwa biyu, daga ciki zuwa ciki, ita ce girman maɗaurin da za ka saya, da milimita ake ƙirga ta. A agogon maza an fi samun 18 da 20 da 22, akwai kuma masu 19 da 21 waɗanda samun maɗaurinsu ya fi wuya. Ka ɗora rula a kan agogon kansa, kada ka auna tsohuwar fatar, domin gumi da daɗewa kan sa ta tsuke ta ba ka lambar ƙarya. Idan awon ya nuna 21, to 21 za ka nema. In ka sa 20 za a bar fili, maɗaurin ya riƙa zamewa hagu da dama yana dukan kafaɗar fil, wato ɗan tudun da ke kusa da ƙarshensa, wata rana ya danne shi ya fito. In dole ce ta sa, fata mai laushi ta 22 za ta iya matsuwa ta shiga, amma sarƙar ƙarfe ba ta matsuwa, kada ma ka gwada.

A jikin maɗauri ko a shafin mai sayarwa za ka ga lamba kamar 22/20. Ta farko faɗin wajen kunnuwa ce, ta biyu faɗin wajen ƙarfen da ake maƙalawa. In kana son mayar da tsohon ƙarfenka kan sabuwar fata, lamba ta biyu ce za ta gaya maka ko zai shiga. Tsawo kuma akan rubuta shi kamar 115/75, wato dogon ɓari da gajere. Mai siririn hannu ya nemi wanda bai kai haka ba.

Shi fil ɗan bututu ne mai sifirin a ciki, da baki biyu masu shigewa idan an danna. Tsawonsa yana bin faɗin kunnuwa, wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne kaurin jikinsa da kaurin bakinsa. Fil na gama-gari kaurinsa milimita 1.5 ne ko 1.8, bakinsa kuma wajen 0.8.

Mu ɗauki Seiko SKX007, agogon masu ninƙaya da ya bazu a duniya. Faɗin kunnuwansa 22. Fil ɗinsa na asali kauri ne da shi, milimita 2.5, bakinsa 1.1, kuma an huda ramukan kunnuwan daidai da wannan baki. Sai mutum ya sayo fata ta 22, ya tarar fil mai kaurin ba ya shiga hancinta, ya ɗauki siririn da aka haɗo masa da ita ya sa. Zai shiga, har ya yi ƙara kamar komai ya zauna. Amma baki mai 0.8 a cikin rami mai 1.1 rawa yake yi. Kana girgiza agogon za ka ji ɗan ƙas-ƙas, kana jan maɗaurin za ka ga yana motsi gaba da baya. Wannan rawar tana cin gefen ramin a hankali, kuma ramin jikin agogo in ya buɗe, gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Maganin shi ne fil mai siririn jiki, kamar 1.8 ko 2.0, amma mai baki 1.1. Ana yin su musamman saboda irin waɗannan agogai. Ka tafi da tsohon fil ɗinka wurin mai gyaran agogo a gwada bakin da bakin.

Wajen cirewa, ka shimfiɗa kyalle mai laushi, ka kifa agogon fuskarsa ƙasa, ka yi aiki ta baya, don ko ƙarfe ya zame tabon ya tsaya inda ba a gani. Manna salatif a kan kunnuwan. Akwai ɗan ƙarfen cire fil mai baki biyu, ɗaya tsagagge ɗaya mai tsini, ba shi da tsada. Reza da wuƙa su ne ke yanka fata su karce agogo, su kuma yanki yatsa. Ka zura tsagaggen bakin tsakanin fata da kunne, ka kama kafaɗar fil, ka tura shi ciki wajen tsakiyar maɗaurin, sannan ka fito da shi ta baya a hankali, yatsanka ɗaya a kai, don in ya kuɓuce tsalle yake yi ya ɓace. Agogon da ramin kunnuwansa ya ratsa har waje ya fi sauƙi: da mai tsinin za ka danna ta waje.

Wajen sawa, gajeren ɓari mai ƙarfe yana zuwa gefen ƙarfe 12, dogo mai ramuka gefen ƙarfe 6. Ka fara zaunar da baki ɗaya a raminsa, ka danne ɗaya bakin, ka shigar da shi tsakanin kunnuwa, ka motsa shi kaɗan-kaɗan har ka ji ya yi ƙas. Kada ka tsaya a ƙarar. Sau da yawa bakin yana tokare ne a jikin kunne kusa da ramin, sifirin ya riƙe shi kamar ya shiga. Ka ja maɗaurin da ƙarfi a kan kyallen, ka murɗa shi hagu da dama, kowane ɓari daban. Fil da ya lanƙwashe, ko ya yi tsatsa, ko bakinsa ba ya dawowa da sauri in an danna, ka jefar da shi.

Akwai maɗaurin da ake sayarwa da sunan `quick release`, wanda fil ɗinsa ke da ɗan ƙulli da ya leƙo ta wata tsaga a bayan fata. Da farce kake jan ƙullin, bakin ya shige, ba ka buƙatar wani ƙarfe. Ga mai sauya maɗauri a kai a kai yana da daɗi, kuma yana kare kunnuwa daga karcewa. Amma fil ɗin a cikin fatar yake zaune, yawanci siririn baki gare shi, don haka a agogo irin SKX007 matsalar rawar nan tana nan. Tsagar kuma ta rage ƙarfin fata a daidai inda ake ja, mai arha daga nan take fara yagewa. Bayan ka sa, ka duba ƙullin: in ya koma har ƙarshen tsagarsa ta wajen kunne, bakin ya shiga rami. In ya tsaya a tsakiya, bai zauna ba, ka sake.

Mai yawan jiƙa agogo wajen alwala ko aikin gumi, fata ba za ta daɗe masa ba, roba ko nailan sun fi. Nailan ɗin nan da ake kira NATO yana bi ta ƙarƙashin agogo ya ratsa fil biyun, saboda haka ko ɗaya ya fita, ɗayan zai riƙe agogon a hannu. Shi ba ya zuwa da fil, na asalin agogon za ka bari a wurinsu. Ka dai duba ko akwai isasshen fili tsakanin fil da jikin agogon, in ya matse sai ka cire fil, ka shimfiɗa nailan ɗin, ka mayar da fil a kansa.