Motar Kaduna da motar cikin gari

Motocin ɗaukar kaya ƙirar Kanta biyu gare ni a Kano. Farar tana ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Kaduna, shuɗiyar kuma tana kwasar kayan masarufi daga kasuwar Singa zuwa unguwanni da garuruwan kusa, irin su Wudil da Bichi. Shekara biyu ina ɗaukar farar ce ke riƙe da gidan, don ita ke shigo da kuɗi mai kauri. Amma kuɗin ba ya zama, shi ya sa na sayi littafi biyu na ba kowane direba ɗaya.

Abin da ake rubutawa a kowane sawu bai da yawa: kwanan wata, inda aka je, lambar mita da aka tashi da wadda aka dawo, litar man da aka sha, kuɗin lodi, da abin da aka kashe a hanya. Na fi dagewa a kan lita fiye da naira, domin farashin dizal yana hawa yana sauka, cin man mota kuwa ba ya canjawa sai da dalili. Kuma cika tanki ake yi har baki, in ba haka ba lissafin ba zai fita ba.

Ga na farar a wata guda. Sawu 10 ta yi. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460, amma mita ta nuna 4,800 maimakon 4,600, saboda zagayen neman wurin sauke kaya da zuwa gareji. Ta sha lita 960, wato kilomita 5 a kowace lita. A watan naira 1,200 na sayi lita, ke nan mai kaɗai naira 240 ne a kilomita.

Wurin da na daɗe ina cutar kaina shi ne abin da ba a biya kullum. Taya shida na saya naira 540,000, kuma a wurina suna kai kilomita 30,000 kafin su sanƙo, wato naira 18 ke narkewa a kowace kilomita ko ban ga fitarta ba. Juyen baƙin mai da filta ya kama 12. Gyare-gyaren bara na tattara na raba da tafiyar bara, ya ba ni 30. In an haɗa da mai, duk kilomitar da farar ta taka naira 300 ce, da kaya ko babu.

Sai kuɗin da ke tafiya ko motar na ajiye: albashin direba da yaron mota, takardu da inshora da na raba wata-wata, da tsufan motar. Miliyan 15 na saye ta, ina sa ran bayan shekara biyar ta yi miliyan 6, don haka 150,000 nake cirewa duk wata. Gaba ɗaya 320,000. 'Yan dako, 'yan kamasho da na hanya suka ci 250,000. Jimilla 2,010,000, kusan naira 419 a kilomita. Ta kawo miliyan 2 da rabi, riba 490,000.

Shuɗiyar kilomita 1,500 kawai ta yi, kuma kilomitarta ta fi tsada nesa, naira 610, don cunkoson gari na shan mai, albashi da tsufa kuma sun rabu a kan gajeriyar tafiya. Ta kawo 1,450,000, ta ci 915,000, ta bar mini 535,000. Ta fi farar riba, alhali ko kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta ba ta yi ba. Ita da ƙyar take yin nisa babu kaya, farar kuwa rabin hanyarta iska take ɗaukowa daga Kaduna.

Da can in direba ya kira ya ce, "Alhaji, ga lodin dawowa amma dubu ɗari da ashirin suka taya," sai in ce ya baro shi, an raina mu. Ashe naira 69,000 ta dawowar na riga na biya ko na ƙi ko na so, abin da kayan za su ƙara ɗan mai ne da kuɗin dako. Yanzu ko kwana zai yi yana jira, nakan ce ya kwana.

A wata na uku cin man farar ya sauko zuwa kilomita 4 a lita. Zuciyata ta tafi kan direba, har na fara shirya maganar da zan yi masa. Allah Ya sa na fara kai ta wurin bakanike, ya ga baƙin hayaƙin da take fitarwa, ya kwance nozil ya tarar biyu suna zubar da mai. Bayan gyara ta koma 5.