Ƙirga vCPU kafin ka ƙirga na'urori: darasin sabon asusun gajimare

Kuskuren da ya fi maimaituwa wajen shirya babban aiki a gajimare shi ne a ɗauka cewa tunda akwai kuɗin biya, duk abin da aka nema za a samu. Sabon asusu ba ya tafiya haka. Kamfanin da ke ba da hayar na'urorin bai san ka ba tukuna, saboda haka yakan ƙayyade maka kaso kaɗan, don kare kansa daga masu buɗe asusun damfara, kuma don kada kuskure ɗaya ya jawo maka bashin da ba za ka iya biya ba. Zan ɗauki AWS, wato sashen gajimare na kamfanin Amazon, a matsayin misali, musamman sashen na'urorinsa na EC2, domin a nan ne aka fi cin karo da bango.

Tun 2019 AWS ya koma auna kason na'urorin da ake biya gwargwadon amfani da yawan vCPU, wato ma'aunin ƙarfin sarrafa bayanai da kowace na'ura ke ɗauke da shi, maimakon yawan na'urorin kansu. Kason da ya fi shafar mutane shi ne wanda ke bayyana a allo da sunan Running On-Demand Standard (A, C, D, H, I, M, R, T, Z) instances, mai lamba L-1216C47A. Duk waɗannan dangogin na'ura daga tukunya ɗaya suke ɗiba. A takardun kamfanin, adadin farawa shi ne vCPU 5, ko da yake abin da aka sa wa asusu yakan bambanta. To, na'ura ɗaya ƙirar m5.2xlarge tana da vCPU 8. Ke nan asusun da ke kan 5 ko ita kaɗai ba zai iya kunnawa ba.

Abin dubawa shi ne adadin da aka sa wa asusunka a yau, a yankin da za ka yi aiki:

```
aws service-quotas get-service-quota \
  --service-code ec2 \
  --quota-code L-1216C47A \
  --region eu-west-1
```

Layin ƙarshe ba ado ba ne. Kowane yanki da kasonsa. Idan an ɗaga maka a eu-west-1, na eu-central-1 yana nan yadda yake. Masu ware yanki na biyu domin ranar da na farko ya samu matsala su ne suka fi shan wannan wahala, domin sai ranar da ake son komawa can cikin gaggawa ake gane cewa ba wanda ya taɓa neman ƙari a wurin.

Lissafin kansa shi ne inda ya kamata a zauna a natsu. A ce tsarin yana buƙatar na'urori 30 ƙirar m5.2xlarge a rana ta yau da kullum. Wannan vCPU 240 ne, kuma da yawa a nan suke tsayawa su nemi 240 ko 256. Amma an saita rukunin na'urorin ya ƙaru da kansa har zuwa na'urori 45 idan jama'a sun yi yawa, wato 360. Sannan a tambaya: yaya ake sabunta manhajar? Idan salon shi ne a tayar da sabon rukuni cikakke a gefen tsohon, a gwada shi, sannan a kashe tsohon, to akwai mintocin da rukunoni biyu suke aiki tare. Sabunta manhaja a lokacin cunkoso na nufin 360 na tsohon rukuni da aƙalla 240 na sabon, jimla 600. Ƙara ƙananan na'urori goma ƙirar t3.medium na sa ido da gine-ginen manhaja, kowace da vCPU 2, ya zama 620. Da sararin kashi 20 cikin ɗari a sama, abin nema ya kai kusan 750, fiye da ninki uku na adadin da aka fara rubutawa.

Na'urar da aka tsayar ba ta shiga lissafi. Amma wurin da aka kama tun da wuri ta hanyar Capacity Reservation yana cin kaso ko da babu abin da ke aiki a kansa.

Ga yadda ake neman ƙarin:

```
aws service-quotas request-service-quota-increase \
  --service-code ec2 \
  --quota-code L-1216C47A \
  --desired-value 750 \
  --region eu-west-1
```

Adadin da ake rubutawa shi ne jimlar da ake so a kai, ba abin da za a ɗora a kan na yanzu ba. Ƙaramin ƙari yakan samu amincewa nan take. Tsalle daga 5 zuwa 750 a asusun da bai taɓa biyan kuɗin wata ko sau ɗaya ba kuwa yakan koma hannun ma'aikaci, ya ɗauki kwanaki, wani lokacin a ba da wani ɓangare kawai a ce a fara amfani da shi tukuna. Shawarata ita ce a buɗe asusun makonni kafin ranar aiki, a fara gudanar da ƙaramin abu na gaske a ciki, a nemi ƙarin mataki-mataki, kuma a rubuta dalili dalla-dalla: ƙirar na'ura, yawanta, yankin, da ranar da ake buƙata. Na'urori masu GPU, dangin G da na P, kasonsu daban ne kuma daga sifili yake farawa. Haka na'urorin Spot, masu rahusa da kamfanin kan iya karɓe abinsa, tukunyarsu daban.

Idan an ƙure kason, saƙon da ke fitowa shi ne VcpuLimitExceeded. Matsalar ita ce ba kullum ake ganinsa a fili ba. Rukunin Auto Scaling, wato mai ƙaruwa da kansa, ba ya ihu. Zai nuna yana son na'urori 30, yana da 4, ya ci gaba da gwadawa, kuma sai an buɗe Activity history ake ganin dalilin. Da Terraform kuwa, manhajar da ake gina tsarin da ita, aikin yakan tsaya a tsakiya, an gina hanyoyin sadarwa da rabin na'urori, sauran babu. Kada a rikita wannan da InsufficientInstanceCapacity, wanda ke nufin kamfanin ne ba shi da wannan ƙirar a wannan shiyyar, wato ɗaya daga cikin sassan da yankin ya kasu, a wannan lokacin. Ƙarin kaso ba ya maganinsa, sai dai a sauya shiyya ko ƙirar na'ura. Kaso izini ne kawai, bai zama alkawarin cewa na'urar tana ajiye tana jiranka ba.

Akwai ƙaramin tarko da ke kama mutane tun kafin a iso kan na'urorin. Adireshin Elastic IP guda 5 ake bayarwa a kowane yanki, kuma kowace NAT gateway mai fita intanet tana cin ɗaya. Tsarin da ya shimfiɗu a shiyyoyi uku, da VPC, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa, ɗaya na gwaji da ɗaya na aikin gaske, kowanne da NAT gateway a kowace shiyya, yana buƙatar shida. Na shidan zai faɗi da AddressLimitExceeded. Lambar wannan kason L-0263D0A3 ce, kuma neman ƙarinsa ba wuya, in dai an tuna.

Wasu iyakokin kuma ba a roƙon kowa a kansu, domin daga zanenka suka fito. A kowane subnet AWS yana riƙe adireshi 5, don haka /24 yana ba da 251 ne maimakon 256. Ga na'urori 45 wannan ya wadatar. Amma a EKS, wato Kubernetes na AWS, da saitin sadarwa na asali, kowane pod yana ɗaukar adireshinsa daga subnet ɗin, kuma na'urori 45 masu pod 20 kowace suna cin 900, alhali subnet uku na /24 jimlarsu 753 ce. Ba a faɗaɗa subnet bayan an ƙirƙira shi, sai dai a ƙara sabo a kwashe aikin zuwa can, shi ya sa a irin wannan tsarin ake farawa da /20, mai adireshi 4091 na amfani.