Ladan da ba na gani yana fita

Shekarata ta biyu da fara aiki a Yamai na soma ware jika 25 daga albashina kowane wata. Adashe na sani, asusun ajiya a banki na sani, amma ranar da wani jami'in kamfanin zuba jari ya ajiye mini takarda mai rubutun FCP sai na yi tsuru-tsuru. Da na koma ofis, wani dattijo mai riƙe mana lissafi ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Ƙanena, wannan kuɗin taro ne. Mutane da yawa ke zubawa wuri guda, ƙwararre ya sayi hannun jarin kamfanoni da takardun bashin gwamnati da su. Kai abin da ka mallaka kaso ne a cikin tarin."

Kasuwar da ake sayen hannayen jarin ita ce BRVM da ke Abidjan, wadda ƙasashe takwas na UEMOA suka yi tarayya a kanta tun 1998, mu ma muna ciki. Darajar kaso ɗaya kuwa ita ce ake rubutawa valeur liquidative a takardar da suke aiko maka: dukiyar asusun duka, a cire abin da ake bin sa, a raba da yawan kaso. Ya ɗauki biro ya yi mini misali. Ka zuba sefa 25,000, an cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin shiga, wato 500, saura 24,500. Idan kaso yana kan 12,250, ka samu kaso biyu. Wata mai zuwa in kasuwa ta faɗi, kuɗin nan za su saya maka fiye da biyu.

Wannan 500 ɗin na gan ta da idona, har ta ɗan yi mini zafi. Abin da ban lura da shi ba shi ne ladan gudanarwa, wanda ake cirewa duk shekara daga cikin dukiyar asusun kanta. Ba a turo maka takardar biya. Darajar kason da kake gani an riga an zare shi daga ciki, ko an ci riba a shekarar ko an faɗi. Sai da na shekara biyu ina zubawa kafin na karanta takardar bayanin asusun da natsuwa na gane haka, kuma laifina ne, don an ba ni ita tun ranar farko.

A nan ne na fahimci amfanin asusu mai bin ma'aunin kasuwa. A asusun da aka saba, manaja ne ke zaɓen abin da zai saya da abin da zai sayar, yana neman ya wuce kasuwa, shi ya sa ladansa ke da tsada. Mai bin ma'auni ba ya zaɓe. Akwai jeri, kamar BRVM Composite mai ɗauke da duk kamfanonin kasuwar, ko BRVM 30, sai ya sayi abin da ke cikin jerin gwargwadon nauyin kowane kamfani. Aikin kaɗan ne, ladan ma ya kamata ya zama kaɗan. John Bogle ne ya fara buɗe wa talakawan masu zuba jari irinsa a Amurka a 1976, yana bin S&P 500, jerin manyan kamfanonin ƙasar guda 500.

Na zauna da kalkuleta wani dare na gwada. A ce miliyan ɗaya ce, a ce kasuwa na ba da kashi 8 a shekara (misali ne kawai, babu mai iya yi maka wannan alkawari). Da ladan kashi 2, bayan shekara 20 kana da kusan miliyan 3.2. Da ladan rabin kashi ɗaya, kusan miliyan 4.2. Sai da na maimaita lissafin sau biyu, domin abin da ke tsakani ya kai uwar kuɗin da aka fara da ita.

Sai dai mai bin ma'auni ba ya kare ka daga faɗuwa: kasuwa ta sauka, kai ma ka sauka tare da ita. Kuma a kasuwa ƙarama irin tamu, manyan kamfanoni kaɗan kamar Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, ke ɗauke da nauyi mai yawa, don haka rarrabuwar ba ta kai yadda sunan ke nunawa ba.

Kwanan baya ƙanwata da ta fara koyarwa a Tahoua ta kira ni, an kawo mata irin takardar. Na ce kada ta sa hannu sai ta tabbatar asusun na da izinin AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido kan kasuwar, ta kuma ji nawa ne kuɗin shiga, na fita da na shekara. Ta tambaye ni batun kuɗin ruwa, na ce ta duba ko akwai takardun bashi a ciki, ta kai wa malaminta. Kuɗin ragon layya da na haya kuwa na ce ta bar su a asusun ajiya, don ni na taɓa fitar da nawa wata takwas da zubawa, na karɓi ƙasa da abin da na saka.