Allurar el-e da kwanakin jira: lissafin da aikin dabbobi ya koya mini

A kasuwannin dabbobi na Sakkwato, daga Kara ta cikin gari har Acida da Illela, babu maganin da hannu ke saurin kaiwa gare shi kamar oksitetirasaikilin mai dogon aiki, wanda makiyaya ke kira el-e. Saniya ta yi tari, el-e. Rago ya ƙi cin dusa, el-e. Maganin kirki ne idan an yi shi a muhallinsa. Amma abin da ya sa ake son sa, wato daɗewar da yake yi a jiki, shi ne kuma matsalarsa ga mai shan nono da mai cin nama. An haɗa shi ne ta yadda zai zauna a cikin tsoka yana shiga jini kaɗan-kaɗan, allura ɗaya ta yi aikin kwana uku. Saniya takan miƙe ta koma kiwo alhali saurar maganin na nan a hantarta da ƙodarta, yana kuma fita a nononta.

Kwanakin jira su ne adadin ranakun da ake bari daga allurar ƙarshe kafin a yanka dabba ko a sha nononta. Suna rubuce a jikin kwalba, na nama daban, na nono daban. Darasin farko da aikin nan ke koya wa mutum shi ne kada ya haddace lamba ɗaya. El-e na wani kamfani zai ce nama kwana 21, na wani 28, akwai ma wanda ya haura 40. Na nono kuwa yakan kama daga kwana 4 zuwa 8, wasu kwalaben kuma sun hana a yi wa saniyar tatsa gaba ɗaya. Kwalbar da ke hannunka ita ce alƙali. Rubutun na Turanci ne, wani lokaci na Faransanci idan maganin ya shigo ta iyakar Nijar, don haka wanda bai iya karantawa ba ya sa mai shagon ya karanta masa tun kafin ya biya kuɗi. Kwalbar da takardarta ta goge, ko maganin da aka ɗuro a sirinji aka sayar a bakin kasuwa, ba shi da lissafin da za a bi, bai kuma kamata ya taɓa dabbar da ake tatsa ba.

Bari mu ɗauki saniya guda, Gudale mai shayarwa, wadda likita ya duba ya ga tana da zazzaɓi da ciwon huhu. Zafin jikin saniya mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya. Idan an auna ta dubura da safe, kafin rana ta yi zafi, aka ga ya haura 39.5, akwai zazzaɓi. Awon tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato yana yaudara, domin zafin gari kaɗai kan ɗaga shi.

Kafin a zuƙo magani sai an san nauyinta, a nan ne kuma aka fi yin kuskure. Ba sai da sikeli ba, tef ɗin tela ya isa. A auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Idan ƙirjin santimita 155 ne, tsawon 135, lissafin zai ba da kilo 300 ko kusa da haka. El-e mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari ana ba da mil 1 ne ga kowane kilo 10, wato saniyar nan mil 30 take buƙata. Wanda ya yi mata mil 10 don kwalba ta kai wa sauran garke bai yi tattali ba. Ya raunana ƙwayoyin cutar ne bai kashe su ba, masu taurin cikinsu su rayu su hayayyafa, gobe ko an cika awon maganin ba zai ci su ba. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce magani ya daina ci.

Mil 30 ɗin nan kuma ba a wuri ɗaya ake dannawa ba. A raba shi gida biyu ko uku, yadda takardar ta ƙayyade, a cikin tsokar wuya. Dalilin wuya shi ne maganin yana cin tsoka, yana barin tabo, cinya kuwa ita ce nama mai daraja. Idan aka tara shi wuri guda, wurin ya kumbura ya yi tauri, maganin ya maƙale yana fita a hankali fiye da yadda kamfanin ya lissafta. Kwanakin da ke jikin kwalba an auna su ne a kan awon da aka rubuta da hanyar da aka rubuta. Da zarar an ninka awo, ko an yi ta maimaitawa, lambar ta tashi aiki, sai likita ya ƙara kwanaki. Haka ma dabbar da ta rame ta bushe da rashin ruwa, ƙodarta ba ta fitar da magani da sauri irin ta mai lafiya.

Yanzu lissafin. A ce kwalbar ta rubuta nono kwana 7, nama kwana 28. An yi allura Litinin da safe. Ranar Alhamis, bayan awa 72, likita ya ga ba ta gama warwarewa ba ya ƙara ta biyu. Ƙidaya ta koma farko, domin daga allurar ƙarshe ake farawa. Kwana bakwai za su cika Alhamis mai zuwa, tatsar Juma'a da safe ita ce ta farko da hankali zai kwanta da ita. Nama kuwa sai Alhamis huɗu sun wuce. Wanda ya ƙirga daga Litinin ya sayar da nonon kwana uku da bai halatta a sha ba, ko da bai yi nufin cuta ba.

Idan saniyar na ba da lita biyu a rana bayan rabon maraƙi, kwana goma sun ci lita ashirin ko fiye. Wannan asara ce ta gaske, kuma kan mace take faɗawa, domin a ruga kuɗin nono na matar gida ne, allura kuwa maigida ne ko yaro ke yi. Sau da yawa ita mai tatsar ba a ma gaya mata an yi ba. Ina ganin rabin gyaran yana nan: duk wanda ya tsira wa saniya allura ya ɗaura mata jan ƙyalle a ƙaho ko wuya nan take, ya faɗa wa mai tatsa ranar da za a kwance shi, ya kuma rubuta ranar a jikin kwalin maganin ko a waya.

A kwanakin nan ba a daina tatsa, don kada hantsa ta cika ta kamu da ciwo ko nonon ya ƙafe. Ana tatsarta ne a ƙarshe, bayan an gama da sauran, a ƙwarya ta daban, a zubar a rami. Ba a ba yara da sunan kada a yi asara, ba a kuma gauraya shi da na sauran shanu da fatan ya ɓace. Iyakar da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya ta amince da ita ga wannan magani ita ce maikurogiram 100 a litar nono, ta fenisilin kuwa 4 kacal, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Nonon saniya ɗaya a kwanakin farko na iya ɓata na shanu da yawa. Tafasawa ma tana rage wani abu ne kawai, ba ta kawar da shi. Haka idan maganin matsawa ne aka sa a kan nono ɗaya saboda ciwon hantsa, na duka huɗun ake zubarwa, tunda jini ɗaya ke zagaya su.

Masu kindirmo suna da alamar da ya kamata su riƙe. An dafa madara, ta huce, an zuba iri kamar kullum, an rufe ta kwana, da safe aka buɗe ta ƙi kamawa, tana nan tsararo ba tsami. Ƙwayoyin da ke sa nono ya yi barci su ma ƙwayoyi ne, maganin kuma bai san na kirki da na cuta ba. Sanyin hunturu ko mataccen iri na iya jawo haka, amma idan babu ɗayansu, a tambayi ruga ko an yi allura. Sai dai kamawar nono ba shaida ba ce cewa babu magani, ɗan kaɗan ba ya hana shi kamawa.

Abin da ya fi damuna shi ne dabbar da aka yi wa allura ta ƙi tashi, aka yi maza aka kira mahauci kafin ta mutu. Ita ce mafi yawan magani a jiki. A wajen fiɗa ana gane ta: a wuya ko cinya za a tarar da wuri mai launin rawaya ko ruwan ƙasa, tsokar ta yi tauri ko ta ruɓe, wani lokaci da ruwa a kwance. Yanke wurin a jefar bai tsarkake sauran ba, domin ƙoda da hanta sun fi tsoka tara maganin, su ne kuma ake rububi a wajen mai balangu. Idan fenisilin aka yi wa dabbar, mai rashin jituwa da shi na iya yin borin jini daga ɗan abin da ya rage, yawan cin ragowar magani kuma yana horar da ƙwayoyin cikin mutum su saba da irin magungunan da asibiti za ta nema ranar da ya kwanta. Mai sayar da dabbar da ke cikin kwanakin jira ya faɗa wa dillali da mai saye. Ɓoye shi ɓoye aibi ne a ciniki.

Sau da yawa ma tun farko allurar ba ta da dalili. Ciwon baki da kofato ba ya jin el-e, ana yin sa ne kawai idan gyambon ya ruɓe. Sammore maganinsa daban, tsutsar ciki da ciwon hanta nasu daban, kowanne kuma da nasa kwanakin jiran. El-e ba ya sa ƙiba.

Wannan ya kawo mu ga ragon layya. Balami ko Uda mai kilo 50 mil 5 ne awonsa, idan har ciwon ya kai a yi. Ana yanka ne ranar 10 ga Zulhajji, don haka da kwalba mai kwana 28, allurar ƙarshe kada ta wuce 10 ga Zulƙida. Ragon da ya kamu da ciwo bayan wannan rana a kai shi ga likita, a gaya masa ranar yanka, ko akwai magani mai gajeren jira da ya dace da ciwon. Idan babu, a yi masa maganin da zai warkar da shi, a cire shi daga cikin na sayarwar Sallah, a bar shi sai kwanakinsa sun cika ya shiga kasuwar ragunan suna.