Ruwan da ke Tsare Wari a Bakin Magudana

Ƙannena, a hunturun farko da na yi a gidan haya a Asawase, cikin Kumasi, wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya addabe ni. Na ƙona turaren wuta, na zargi kwatar maƙwabta, daga ƙarshe na matsa aka kira motar kwashe sokawe, kuma ni na biya rabin kuɗin. Motar ta tafi, warin yana nan daram.

Wani dattijo mai gyaran famfo ne ya haska tocila cikin magudanar ƙasa ta banɗakin baƙi, inda aka yi wata uku ba wanda ya yi wanka, ya ce mini, "Ɗana, leƙa, ka ga ruwa?" Ban ga komai ba sai busasshen bututu. Ya zuba rabin bokiti, kafin magariba warin ya ɗauke.

A ƙarƙashin magudanar an lanƙwasa bututun ya yi gwiwa, ta yadda duk lokacin da ruwa ya wuce, na ƙarshensa yakan kwanta a gwiwar ya cika ta bango zuwa bango. Zurfin wannan ruwa kamar santimita 5 ne kawai, amma shi ne murfin da ke hana iskar sokawe hawowa, domin iskar ba ta da ƙarfin da za ta ture shi. Ruwan da kuke gani kwance a gindin masai na zama ma aikinsa ke nan. Inda ake wanka kullum, ruwan yana sabunta kansa. Inda aka daina, sai ya riƙa ƙafewa a hankali, musamman a busasshiyar iskar Disamba da Janairu, kuma ba sai ya ƙare duka ba: da zarar ya sauka har ya daina cika gwiwar bango zuwa bango, kafa ta buɗe, wari ya samu hanya, kyankyasai ma haka.

Tun daga lokacin nakan zuba kamar lita biyu a kowace magudana da ba a amfani da ita, duk bayan mako biyu. Idan zan yi doguwar tafiya, nakan ƙara cokali biyu na man shafawar jarirai, domin ya yi shimfiɗa a saman ruwan ya rage ƙafewa. Na taɓa gwada man gyaɗa, ya lalace ya kawo nasa warin.

Sai dai ku lura da saurin ɓacewar ruwan. Ƙafewa tana ɗaukar makonni, saboda haka idan kun zuba yau gobe babu, matsalar daban ce. Ko dai gwiwar ta tsage tana yoyo, ko gashi da zare sun rataya a leɓenta suna tsotse ruwan kamar lagwani. Idan kuma magudanar tana ɓulɓul duk lokacin da aka kora masai, to ku fara zargin bututun shan iska da ya fita ta rufin gida, domin idan ya toshe, ruwan da ke gangarawa yakan zuƙe na gwiwar ya tafi da shi, kuma a nan zuba bokiti ba zai wadatar ba sai an hau an buɗe bututun.