Yadda na nemi shaidar zuba kuɗin fanshona na shekara biyar

Takardar albashi tana nuna cewa an cire maka kuɗin fansho, amma ba ta nuna cewa kuɗin sun isa asusunka. Tsakanin cirewa da isa akwai matakai biyu, kuma kowanne yana da takardarsa. Ma'aikatarka tana tura kuɗin ga ma'ajin kuɗin fansho, wato PFC, tare da jadawalin da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, lambar asusunsa da abin da ya samu. Daga nan kamfanin da ke kula da fanshonka, wato PFA, ya duba jadawalin ya zuba wa kowa rabonsa. Waɗannan takardu biyu, rasidin biya da jadawali, su na nema a wasiƙar da na rubuta wa ofishin kula da ma'aikata na kamfanin da nake aiki, game da watanni 60, daga Janairun 2019 zuwa Disambar 2023.

Kafin in rubuta komai, sai da na karɓi cikakken bayanin asusuna daga PFA. Wanda suke aikowa duk wata uku bai isa ba, don haka na nemi na shekarun biyar a haɗe, mai nuna ranar shigar kowane kuɗi, watan da aka biya dominsa, da kason ma'aikaci daban da na ma'aikata. Na jera shi gefe da gefe da takardun albashina, wata bayan wata.

Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, ma'aikata kuma aƙalla kashi 10, kuma lissafin ba zai gaza jimillar gundarin albashi da kuɗin gida da na sufuri ba. A lokacin da matsalar ta shafa, waɗannan ukun nawa sun kama naira 150,000 a wata. Ke nan ana cire mini 12,000, kamfani ya ɗora 15,000, a zuba 27,000. Da na ga layin da 12,000 kaɗai ya shiga, da na san kason kamfani ne ya maƙale. Ban ga irin wannan ba, amma na ga watanni 9 da babu komai: Afrilu zuwa Yulin 2020, da wasu biyar a jere a 2022. Kuɗinsu naira 243,000, ban da ribar da za su tara.

A nan sai mutum ya yi hattara da ranar shiga. Na tarar da 81,000 sun shiga a rana ɗaya, ashe kuɗin wata uku ne aka haɗa aka biya a makare. Wanda ya ƙirga layuka kawai zai ɗauka wata biyu sun ɓace, ya je ya yi zargin da za a ƙaryata shi da takarda ɗaya, daga nan kuma sauran maganarsa ta yi rauni.

Wasiƙar shafi ɗaya ce. Da Turanci aka shigar da ita kamar sauran takardun ofis, amma ga abin da ta ƙunsa. A sama na sa cikakken sunana yadda yake a wurin PFA, lambar ma'aikaci, sunan PFA ɗin, da lambar asusun fansho mai farawa da PEN. Sai gundarin buƙata:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni shaidar zuba kuɗin fanshona na kowane wata daga Janairun 2019 zuwa Disambar 2023, wato kwafin jadawalin da aka aika da kuma rasidin biyan ma'aji. Bayanin asusuna da na haɗa da wannan wasiƙa bai nuna shigar kuɗin watanni tara da na lissafa a ƙasa ba, alhali takardun albashina sun nuna an cire. Idan an biya, ina neman ranar biya da lambar shaidar biyan domin in kai wa PFA. Idan ba a biya ba, ina neman a sanar da ni a rubuce ranar da za a biya. Zan yi godiya idan na samu amsa cikin kwanakin aiki 14."

Kwanaki 14 ɗin zaɓina ne, ba doka ce ta yanka su ba. Abin da doka ta yanka, a sashe na 11, shi ne ma'aikata ta tura kuɗin cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi, kuma wadda ta saɓa za ta biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ba a biya ba a kowane wata. A kan 27,000, naira 540 ke nan duk wata. Na ambaci sashen a jimla ɗaya, ban yi barazana ba. A ganina wasiƙar farko ba wurin zargi ba ce, domin a lokacin ba ka san ko laifin na kamfani ne ko na jadawali ba.

Na ƙara jimla ɗaya da ta cire musu hanzari: a rufe layukan sauran ma'aikata, a bar nawa da jimillar ƙasa. Jadawalin yana ɗauke da albashin kowa, kuma da wannan hujjar ake yawan hana shi. Jimillar kuwa dole ta fito, don da ita za ka gwada ko adadin da ke jadawali ya yi daidai da wanda ke rasidi. Na kai kwafi biyu, aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a nawa, na kuma aika kwafi ga sashen kuɗi, tunda rasidan suna wurinsu ne, ba wurin masu kula da ma'aikata ba.

Amsar farko da na samu takarda ce mai kan kamfani da ke cewa an biya duk haƙƙoƙina, haɗe da satifiket ɗin da hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ke ba kamfanonin da suka cika ƙa'ida. Ban karɓe su a matsayin shaida ba. Satifiket ɗin magana yake kan kamfani gaba ɗaya, ba ya cewa kuɗin wane na watan kaza sun shiga asusunsa. Na mayar da godiya a rubuce, na sake nuna watannin tara.

Da jadawalin ya fito, sai matsalar ta rabu gida biyu. Na 2022 an biya su a kan lokaci, amma an juya lambobi biyu a lambar asusuna lokacin da aka sake tsara takardar albashi. Irin waɗannan kuɗin ba sa ɓacewa, suna zama a asusun PFA da ke wurin ma'aji ba tare da an zuba wa kowa ba har sai ma'aikata ta aika gyararren jadawali da wasiƙar tabbatarwa. Ma'aikaci ba zai iya wannan gyara da kansa ba, sai dai ya bi sawu. Na 2020 kuwa, lokacin kullen korona, an cire ba a tura ba. Babu rasidi domin babu biya, kuma kamfanin ya amsa hakan a rubuce, ya sa ranar biyan 108,000.

Da sun yi shiru, mataki na gaba shi ne tunatarwa a rubuce, sannan ƙorafi ga PenCom haɗe da wasiƙar mai hatimi, takardun albashi da bayanin asusu. Hukumar tana da wakilan da ke karɓo bashin fansho da tararsa daga ma'aikatu, bayanta kuma akwai kotun ma'aikata ta ƙasa. Bayan ranar da suka sa ta wuce, na sake karɓar bayanin asusu, na tabbatar kowane kuɗi ya shiga da sunan watansa, kason ma'aikaci da na ma'aikata kowanne a gurbinsa.